Yadda ake daidaita miƙaƙƙen layi a kan ma'aunai: hanyar nomal ikweshan da hanyar QR

Duk wanda ya auna abu biyu masu tafiya tare, ya zana ɗigogin a takardar giraf, ya san cewa da wuya su jeru a kan layi ɗaya daidai-wa-daida, domin kowane awo yana ɗauke da ɗan kuskure. Abin da ake nema shi ne layi mai siffar `y = a + bx` wanda ya fi kowane layi kusa da ɗigogin gaba ɗayansu. A nan `b` ita ce gangarar layin, wato gwargwadon yadda `y` ke ƙaruwa idan `x` ta ƙaru da ɗaya, `a` kuwa ita ce tsawon `y` a inda `x` take sifiri. Ma'aunin kusanci da aka fi amfani da shi tun da Legendre ya wallafa shi a 1805, Gauss kuma ya biyo da nasa bayanin a 1809, shi ne a ɗauki tazarar da ke tsakanin kowane ɗigo da layin daga sama zuwa ƙasa, a ninka ta da kanta, a tara duka, sannan a zaɓi `a` da `b` da za su sa jimillar ta zama mafi ƙanƙanta. Wannan tazara ita za mu riƙa kira ragowa.

Hanya biyu aka fi bi wajen gano `a` da `b`. Idan da alƙalami da takarda ake aiki, ba tare da an datse ko lamba ɗaya ba, amsarsu ɗaya ce. Bambancinsu yana fitowa ne idan aka miƙa aikin ga na'urar da ke riƙe gurabe ƙayyadaddu na kowace lamba, kuma kowace kalkuleta da kowace kwamfuta haka take. Za mu bi hanyoyin biyu a kan misali guda, sannan mu sauya abu ɗaya tak a cikin misalin domin a ga inda ɗayarsu ke karyewa da dalilin karyewar.

Ma'aunan da za mu yi aiki da su

A ɗauka an shuka masara a tukunya, ana auna tsawon tsiron da santimita kowace safiya har kwana huɗu. A rana ta 1 an samu 2.1, a ta 2 an samu 3.9, a ta 3 an samu 6.2, a ta 4 kuma 7.8. Matakin farko, kowace hanya za a bi, shi ne a jera waɗannan a cikin matiris mai ginshiƙi biyu da za mu kira `A`. Ginshiƙin farko ɗaya-ɗaya ne daga sama har ƙasa, saboda `a` tana shiga kowane sahu sau ɗaya, na biyu kuwa ranakun ne.

```
A = | 1  1 |      y = | 2.1 |
    | 1  2 |          | 3.9 |
    | 1  3 |          | 6.2 |
    | 1  4 |          | 7.8 |
```

Muna da sharaɗi huɗu ke nan a kan abubuwa biyu da ba mu sani ba, saboda haka babu `a` da `b` da za su cika dukkansu. Mafi kyawun da za a iya samu shi ne a rage ragowar har ta kai matsayin da ba ta da sauran alaƙa da ginshiƙan biyu, wato idan aka ninka ta gida-gida da kowane ginshiƙi aka tara, a samu sifiri. A harshen zane, ragowar tana tsaye a kan ginshiƙan da kusurwar digiri 90. Daga wannan sharaɗi hanyoyin biyu suka samo tushe.

Hanya ta farko: nomal ikweshan

Idan aka rubuta sharaɗin da alamomi, ana samun `AᵀA c = Aᵀy`, inda `Aᵀ` ke nufin `A` da aka juya sahunta suka zama ginshiƙai, `c` kuma ke ɗauke da `a` da `b`. Ga miƙaƙƙen layi, wannan bai wuce jimilla biyar ba, kuma ana iya haɗa su a ratsawa ɗaya ta cikin ma'aunan.

Da farko a ƙirga ɗigogin, a samu 4. Sai a tara `x`, a samu 10. Sai a ninka kowace `x` da kanta a tara, wato 1 da 4 da 9 da 16, a samu 30. Sai a tara `y`, a samu 20.0. Daga ƙarshe a ninka kowace `x` da `y` ɗinta a tara, wato 2.1 da 7.8 da 18.6 da 31.2, a samu 59.7. Da waɗannan ake gina ikweshan biyu:

```
 4a + 10b = 20.0
10a + 30b = 59.7
```

Domin a fitar da `b`, ana lissafa abin rabawa tukuna, wato `4×30 − 10×10`, wanda ya ba da 20. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan 20 a zuciyarsa, domin a kanta duk maganar da ke tafe za ta tsaya. Abin da ake rabawa kuwa shi ne `4×59.7 − 10×20.0`, wato 38.8. Gangarar ta zama 38.8 a raba da 20, wato 1.94. Idan aka mayar da ita cikin ikweshan na farko, `4a` ta zama 20.0 ban da 19.4, don haka `a` ta zama 0.15. Layin shi ne `y = 0.15 + 1.94x`, ma'ana tsiron yana ƙara kusan santimita biyu a kowace rana.

Bai kamata a tashi ba tare da an duba aikin ba. Layin yana ba da 2.09, 4.03, 5.97 da 7.91 a ranakun huɗu, saboda haka ragowar ita ce 0.01, −0.13, 0.23 da −0.11. Jimillarsu sifiri ce, kamar yadda ginshiƙin farko ya buƙata. Idan aka ninka su da 1, 2, 3, 4 aka tara, ana samun 0.01 − 0.26 + 0.69 − 0.44, wanda shi ma sifiri ne. Jimillar murabba'an ragowar kuwa 0.082 ce, kuma babu wani layi da zai ba da ƙasa da haka.

Hanyar tana da sauƙi da sauri, kuma ba ta buƙatar a ajiye ma'aunan bayan an tara su. Wannan ne ya sa ita aka fi koyarwa a makarantu, kuma a kan irin waɗannan lambobi babu wani aibu a gare ta.

Hanya ta biyu: QR

A nan ba a ninka `A` da kanta. Ana rarraba ta ne zuwa matiris biyu, `A = QR`. Ginshiƙan `Q` kowannensu tsawonsa ɗaya ne kuma suna tsaye a kan juna da digiri 90, ita kuwa `R` ƙaramar matiris ce mai sifiri a ƙarƙashin layin da ya ratsa ta daga kusurwa zuwa kusurwa. Da hannu, tsarin Gram-Schmidt ya fi sauƙin bi, kuma ga yadda yake tafiya.

A fara da auna tsawon ginshiƙin farko. Ana ninka kowace lamba da kanta, a tara, a ɗauki tushen murabba'in jimillar. Jimillar 4 ce, tushenta 2, kuma wannan ita ce `r11`. A raba ginshiƙin da 2, sai a samu `q1`, wadda kowane gidanta 0.5 ne.

Mataki na biyu shi ne a auna yawan abin da ginshiƙin `x` ya ƙunsa na `q1`. Ana ninka su gida-gida a tara, wato rabin 10, a samu 5, ita ce `r12`.

Mataki na uku shi ne zuciyar hanyar. A cire wannan kaso daga ginshiƙin `x`. Tun da 5 sau 0.5 ya ba da 2.5, daga kowace rana ake cire 2.5, abin da ya rage kuma shi ne −1.5, −0.5, 0.5 da 1.5. Mai lura zai ga cewa 2.5 matsakaicin ranakun ne. Wato a kan miƙaƙƙen layi, abin da QR ke yi a zahiri shi ne ta mayar da tsakiyar ma'aunan ta zama mafarin ƙirga kafin ta ninka komai da kansa.

A mataki na huɗu a auna tsawon abin da ya rage. Murabba'ansa 2.25, 0.25, 0.25 da 2.25 ne, jimilla 5, tushenta 2.2361, ita ce `r22`. A raba da ita, a samu `q2`, wato −0.6708, −0.2236, 0.2236 da 0.6708.

Yanzu sai a juya kan `y`. Ninka ta da `q1` gida-gida a tara yana ba da 10, ninka ta da `q2` kuma yana ba da 4.3380. Abin da ya rage a warware shi ne `R c = Qᵀy`:

```
2a +      5b = 10
     2.2361b = 4.3380
```

Ana farawa daga ƙasa a hau sama. Sahun ƙasa ya ba da `b` daidai da 1.94, na sama kuma ya ce `2a` ita ce 10 ban da 9.7, don haka `a` ta zama 0.15. Amsar ba ta sauya ba. Akwai ma wata riba da ta zo a kyauta: jimillar murabba'an `y` ita ce 118.90, idan aka cire murabba'in 10 da na 4.3380, wato 100 da 18.818, saura 0.082, jimillar da muka samu ɗazu bayan mun lissafa ragowa ɗaya bayan ɗaya.

Wanda yake son ganin dangantakar hanyoyin biyu sai ya ninka `Rᵀ` da `R`. Zai samu 4, 10, 10 da 30, wato `AᵀA` ɗin nan dai. Ashe `R` ɗin da QR ta bayar ita ce wadda tsarin Cholesky, wata hanyar rarraba matiris, zai fitar daga `AᵀA`, sai dai QR ta iso gare ta ba tare da ta bi ta kan `AᵀA` ba.

Inda hanya ta farko ke karyewa

Yanzu mu sauya abu ɗaya. A ce wanda ya yi awon bai rubuta rana ta 1 zuwa ta 4 ba, kwanan wata ya shigar a Excel, daga 1 zuwa 4 ga Janairun 2024. Excel tana ajiye kwanan wata a matsayin lamba, kuma 1 ga Janairun 2024 a wurinta 45292 ce. Ginshiƙin `x` ya koma 45292, 45293, 45294 da 45295. Tsiron bai sauya ba, tazarar ranakun ma ba ta sauya ba, saboda haka dole gangarar ta ci gaba da zama 1.94.

Mu bi nomal ikweshan. Jimillar `x` ta zama 181,174, jimillar murabba'anta kuma 8,206,004,574. Abin rabawa shi ne:

```
4 × 8,206,004,574 = 32,824,018,296
181,174 × 181,174 = 32,824,018,276
bambanci          =             20
```

Ga 20 ɗinmu ta dawo, amma a dubi yadda ta fito. Lambobi biyu ne masu gurbi 11, waɗanda gurabensu tara na farko iri ɗaya ne, duk bayanin da ake bukata yana ɓoye a gurabe biyun ƙarshe. Kamar mutum ne ya so sanin nauyin mudun gero, sai ya auna babbar mota da mudun a ciki, ya sake auna ta babu shi, a kan sikelin da ba ya ganin abin da bai kai buhu ba. Na'urar da ke riƙe gurbi takwas za ta ajiye lambobin biyu a matsayin 32,824,018,000, bambancinsu ya zama sifiri, rabawa ta gagara. A tsarin `float32`, wanda ke riƙe kimanin gurbi bakwai, lambobin da ake iya ajiyewa a wannan girma suna da tazarar 2048 a tsakaninsu, don haka bambancin zai fito ko dai sifiri ko ninkin 2048, ba zai taɓa zama 20 ba. Abin da ya kamata a fahimta a nan shi ne ɓarnar ta auku tun lokacin da aka haɗa `AᵀA`. Duk ingancin hanyar da za a bi a warware ikweshan ɗin daga baya ba zai dawo da gurabe da aka riga aka zubar ba.

Mu bi QR a kan waɗannan lambobi. `r11` tana nan 2, `q1` ma tana nan. `r12` ta zama rabin 181,174, wato 90,587. Abin da ake cirewa daga kowace rana ya zama 45293.5, kuma abin da ya rage shi ne −1.5, −0.5, 0.5 da 1.5, daidai da na farko. Daga nan komai yana tafiya kamar da, `b` ta fito 1.94, `a` kuma ta zama −87,864.39. Wajen gano gangarar babu lambar da ta wuce gurbi shida. QR ta yi ragi tukuna sannan ta ninka, nomal ikweshan kuwa ta ninka tukuna sannan ta yi ragi, kuma ninka lamba da kanta yana ruɓanya yawan guraben da ake bukata domin riƙe ta.

Idan aka kalli lamarin ta fuskar zane, matsalar ita ce ginshiƙan biyu sun kusa zama abu ɗaya. A misalin farko kusurwar da ke tsakaninsu ta kai kimanin digiri 24. Da kwanakin Excel ta koma kimanin digiri 0.0014, domin lambobi huɗu da suka kusa zama daidai da juna ba su da wani bambanci mai yawa da ginshiƙin ɗaya-ɗaya da aka ninka da 45293.5.

Yadda ake kintata asarar kafin ta faru

Ma'aunin wannan kusanci shi ne lambar kondishan ta `A`, wadda ake rubutawa `κ(A)`. Ƙa'idar da ta dace a haddace ita ce `κ(AᵀA) = κ(A)²`. A aikace, idan lambar kondishan ta kai kimanin 10 sau kanta har sau `k`, QR tana iya asarar gurbi `k`, nomal ikweshan kuma gurbi `2k`.

A misalin farko `κ(A)` kimanin 7.5 ce, murabba'inta kimanin 56, asarar ba ta kai gurbi biyu ba, babu wanda zai lura. Da kwanakin Excel, umarnin Python na `np.linalg.cond(A)` zai nuna kimanin `1.8e9`, wato biliyan 1.8, amma bai kamata a ɗauki wannan adadi yadda ya zo ba, domin babban kasonsa ya samo asali ne daga kasancewar ginshiƙi ɗaya ya fi ɗayan girma sau dubun dubata, abin da ba shi ne ainihin cutar ba. Idan aka fara raba kowane ginshiƙi da tsawonsa, lambar tana sauka zuwa kimanin 81,000, kuma ita ce ta fi faɗin gaskiyar asarar. Murabba'inta ya haura biliyan 6. A tsarin `float64`, mai riƙe kimanin gurbi 16, wannan yana nufin QR za ta bar kimanin gurbi 11 masu inganci, nomal ikweshan kuma kimanin shida. Gurbi shida sun ishi mai auna masara, shi ya sa mutane da yawa ke amfani da hanya ta farko shekara da shekaru ba su ga illarta ba.

Illar tana bayyana ƙarara idan `x` lokacin kwamfuta ce, wato daƙiƙun da ake ƙirgawa tun daga 1 ga Janairun 1970, waɗanda a yanzu sun haura biliyan 1.7. Idan na'urar awo tana ɗaukar ma'auni kowace daƙiƙa, lambobin da za a cire daga juna sun kai kimanin `4.6e19`, inda tazarar lambobin `float64` ta kai 8192, alhali bambancin da ake nema 20 ne. A nan nomal ikweshan ba ta da abin da za ta bayar, QR kuwa tana iya barin kimanin gurbi shida.

Dole a yi wa wannan ƙa'ida gyara ɗaya. Idan ɗigogin sun warwatse nesa da layin, wato ragowar tana da girma, matsalar ita kanta tana ɗauke da wani kaso na `κ²` wanda babu hanyar lissafin da za ta kawar da shi. Fifikon QR ya fi fitowa ne a inda ma'aunan suka kwanta a kan layin sosai.

Yadda ake yi a kwamfuta

Manhajojin lissafi ba su cika bin Gram-Schmidt wajen gina QR ba. Sun fi amfani da juye-juyen da Householder ya bayyana a 1958, waɗanda Golub ya nuna yadda za a warware irin wannan matsala da su a 1965, saboda suna riƙe ginshiƙan `Q` a tsaye a kan juna ko da kuwa ginshiƙan `A` sun kusa haɗewa. Wanda ya nace sai ya rubuta Gram-Schmidt da kansa, ya kamata ya ɗauki `y` tamkar ginshiƙi na uku, ya cire kason `q1` daga cikinta kafin ya ninka ta da `q2`. A misalinmu wannan yana nufin cire matsakaicin `y`, wato 5.0, daga kowane awo.

Ga hanyoyin biyu a Python:

```python
import numpy as np
x = np.array([45292., 45293., 45294., 45295.])
y = np.array([2.1, 3.9, 6.2, 7.8])
A = np.column_stack([np.ones(4), x])
c1 = np.linalg.solve(A.T @ A, A.T @ y)
Q, R = np.linalg.qr(A)
c2 = np.linalg.solve(R, Q.T @ y)
print(c1, c2)
```

Kada mai karatu ya damu idan ya ga `R` ta fara da −2 maimakon 2. Alamar ragi tana iya zuwa a ginshiƙin `Q` da sahun `R` tare, sai su soke juna, amsar ba ta sauyawa. Domin ganin karyewar da ido, a maye gurbin `x` da `1.7e9 + np.arange(1, 5)` a sake gudanarwa. Layin `c1` zai tsaya da saƙon `Singular matrix` ko ya ba da gangarar da ba ta da alaƙa da 1.94, kuma wannan na biyun ya fi haɗari domin babu gargaɗin da ke zuwa da shi.

Game da tsada, idan sahu `m` ne ginshiƙi `n`, nomal ikweshan tana cin kimanin `mn²` na ayyukan lissafi, QR ta Householder kuma kimanin `2mn²` idan sahun sun fi ginshiƙan yawa sosai. A kan ginshiƙi biyu wannan ninki ba abin da za a tsaya lissafawa ba ne, saboda haka a ganina sauri ba hujja ba ce ta barin QR a aikin miƙaƙƙen layi.

Gwajin da ke tona asiri, da maganin da ya fi araha

Mutane da yawa suna duba ragowa kawai, idan suka ga ƙarama ce sai su yarda da amsar. Wannan bai isa ba, domin idan ginshiƙan sun kusa haɗewa, kuskuren `a` da na `b` suna rufa wa juna asiri, layin ya ratsa ta tsakiyar ɗigogin alhali gangararsa ta karkace. Gwajin da na fi amincewa da shi shi ne a cire wata lamba daga dukkan `x`, misali awo na farko, a sake lissafin. Matsar da mafarin ƙirga ba ya taɓa gangara. Idan `b` ta motsa a gurbi na uku, to gurbi biyu kacal ake da su, komai yawan lambobin da allon ya nuna.

Gwajin kuma shi ne maganin. Idan aka cire matsakaicin `x` daga kowace `x` tun farko, jimillar sabon ginshiƙin ta zama sifiri, ginshiƙan biyu suka tsaya a kan juna da digiri 90, nomal ikweshan kuma ta rabu gida biyu marasa alaƙa: `4a' = 20.0` da `5b = 9.7`. Daga nan `a'`, tsawon layin a tsakiyar ranakun, ta zama 5.0, wato matsakaicin `y`, `b` kuma 1.94. Wanda ya yi haka ya riga ya yi aikin QR da hannunsa, kuma ko a ƙaramar na'ura mai `float32` amsarsa za ta tsaya. Ya fi kyau ma a bayar da sakamakon a wannan siffa, `y = 5.0 + 1.94(x − 45293.5)`, domin 5.0 tsawon tsiro ne a tsakiyar kwanakin awo, alhali −87,864.39 tsawonsa ne a ƙarshen 1899, lokacin da ba shi da ma'ana ga kowa.

Cire matsakaici yana da amfani ko da QR ko wata hanya mai ƙarfi ake bi, saboda manhajoji suna da iyakar da idan aka wuce ta sukan ɗauka ginshiƙan abu ɗaya ne. Umarnin `lm` na manhajar ƙididdiga mai suna R, wanda ke aiki da QR, yana yar da ginshiƙi idan abin da ya rage nasa bayan ragi bai kai kashi `1e-7` na tsawonsa ba, sai ya rubuta `NA` a gurbin gangara, kuma misalinmu na daƙiƙu ya faɗa ƙarƙashin wannan iyaka. Shi kuwa `np.linalg.lstsq`, wanda ke bin wata hanyar rarraba matiris mai suna SVD, a kan waɗannan daƙiƙu zai dawo da amsa ba tare da kuka ba, amma abu na uku cikin abubuwan da yake dawowa da su, wato `rank`, zai nuna 1 maimakon 2, alamar cewa ya ɗauki ginshiƙan a matsayin guda kuma gangarar da ya bayar ba ta layinmu ba ce. Ya zama wajibi a riƙa duba wannan lamba duk lokacin da aka kira umarnin.

Sauƙin cire matsakaici ya tsaya ne a kan miƙaƙƙen layi. Da zarar an ƙara ginshiƙin `x²` ko wasu ma'aunai masu tafiya tare, cire matsakaici yana raba su da ginshiƙin ɗaya-ɗaya ne kawai, ba ya raba su da junansu, kuma a nan ne cikakkiyar QR ke zama dole.

Akwai kuma abin da babu ɗaya cikin hanyoyin da zai gyara, wato rashin tabbas da ke cikin awon kansa, amma `R` tana ba da ma'auninsa kai tsaye. A raba jimillar murabba'an ragowa, 0.082, da yawan ɗigogi ban da biyu, a samu 0.041, tushenta 0.2025. A raba wannan da `r22`, wato 2.2361, a samu kimanin 0.09, shi ne gwargwadon kuskuren da ake sa rai a cikin gangarar. Don haka sakamakon awon masarar shi ne santimita 1.94 a rana, da yiwuwar ƙari ko ragi na kimanin 0.09. Tun da `r22` ce a ƙasan rabawar, kuma ita ce ma'aunin yadda ranakun suka bazu daga tsakiyarsu, hanyar rage wannan kuskure ita ce a ƙara yawan awo a kuma faɗaɗa tazarar kwanakin, muddin girman tsiron bai fara kauce wa miƙaƙƙen layi ba.